Yadda Ake Gyara Sifili da Harafin O a Takardun Shari'a Bayan Sikanin

Duk yaron da ya fara aiki a ofishin lauya ko a shagon kwamfuta na kusa da Sakatariyar Audu Bako, da zarar ya gane cewa manhajar karanta rubutu, wadda ake gani da sunan OCR a allo, tana sa harafin O a gurbin sifili, dabara guda ce ke zuwa masa: ya danna `Ctrl+H`, ya ce a mayar da kowane O sifili, sannan ya danna `Replace All`. Nan take KANO ta zama KAN0, `C of O` ta zama `C 0f 0`, kuma O ɗin da lauyoyi ke taƙaita `Order` da shi a dokokin kotu ya koma lamba. Ya gyara kurakurai ashirin, ya haifar da ɗari biyu waɗanda ido ba ya saurin gani. Saboda haka a takardar shari'a ba a taɓa wannan maɓalli. Kwamfuta ce za ta nemo wuraren da ake zargi, amma mutum ne zai yanke hukunci a kan kowannensu da takardar asali a gabansa.

Kafin a kai nan, a tabbata an yi sikanin ɗin a `300 dpi` kuma a `Grayscale`. Zaɓin baƙi da fari zalla yana cinye siraran layuka a tsofaffin takardun da tawadarsu ta koɗe, har 8 ta dawo kamar 3. Idan hoton waya aka turo ta WhatsApp, ya fi sauƙi a biya kuɗin sikanin a sake shi daga takardar, domin lokacin da gyaransa zai ci ya fi wannan kuɗin tsada nesa ba kusa ba.

Da an buɗe rubutun a Word, a adana kwafi guda da ba za a taɓa ba, a yi aiki a kan na biyu. A zaɓi rubutun duka a mayar da shi salon `Consolas`, domin sifilinsa yana da layi a tsakiya, kuma 1 da ƙaramin l da babban I kowanne da kamanninsa. A `Times New Roman` kuwa 1 da l kusan abu ɗaya ne a ido, shi ya sa mutum zai karanta shafi sau biyu ya rantse babu kuskure. Sai a kunna `Track Changes`, don lauyan da ya ba da aikin ya ga duk abin da aka sauya.

Ga misalin abin da manhaja ke fitarwa daga yarjejeniyar cinikin fili da aka buga da tafireta:

```
made this l5th day of 0ctober, l987
measuring 5Oft x lOOft
the sum of N3O,OOO.OO (Eighty Thousand Naira)
```

A akwatin `Ctrl+H` a danna `More`, a sa alama a `Use wildcards`, sannan a nemi waɗannan ɗaya bayan ɗaya ta hanyar `Find Next`:

```
[0-9][OoIlSB]
[OoIlSB][0-9]
[01][A-Za-z]
<[OIl][OIl]@
```

Layin farko yana kama harafin da ya biyo bayan lamba, kamar 5O da 3O. Na biyu yana kama harafin da ya gabaci lamba, kamar l5th da l987. Na uku akasin haka yake nema, wato lambar da ta shiga cikin kalma, shi ne zai tsaya a kan 0ctober. Zai kuma tsaya a kan 1st da 10th da suke daidai, sai a wuce su.

Layi na huɗu shi ne wanda sabon shiga ba ya tunawa da shi, kuma a nan ne na fi ganin ana faɗuwa. A duba lOOft a misalin. Babu lamba ko ɗaya a cikinsa, haruffa ne daga farko har ƙarshe, don haka layuka ukun farko za su tsallake shi kamar ba ya nan. Haka ma OOO da OO da suka zo bayan waƙafi da aya a adadin kuɗin: mutum zai gyara 3O ya wuce, ya bar sauran sifilai biyar a matsayin haruffa. Illar ba ta bayyana sai an kwashe adadin zuwa Excel don lissafin bashi ko rabon gado, inda manhajar za ta ɗauke shi a matsayin rubutu, `SUM` ya tsallake shi ba tare da gargaɗi ba, jimilla ta fito da giɓi. Alamar ita ce adadin zai jingina a hagun ɗakinsa, alhali lambobi na gaskiya a dama suke jingina. Haka kuma wanda ya nemi lambar ƙara da `Ctrl+F` ba zai same ta ba matuƙar O ne zaune a gurbin sifili. Layi na huɗun zai kuma tsaya a kan II da III na lambobin Romawa, waɗannan a bar su yadda suke.

Ba kullum ne laifin na manhaja ba. Tafiretoci da yawa na da ba su da maɓallin 1, masu bugu ƙaramin l suke bugawa, wasu injinan kuma babu sifili sai babban O. Idan aka ga takardar 1970 ko 1980 da kowane 1 ya fito l daga farko har ƙarshe, abin da ke kan takardar ke nan manhajar ta karanta. Lamba ake nufi, a mayar da shi lamba.

Akwai kuskuren da babu layin nema da zai kama shi, wato inda lamba ta maye gurbin wata lambar: 3 da 8, 5 da 6, 1 da 7. A misalinmu, bayan an gyara sifilan, adadin ya zama 30,000 tsaf, amma kalmomin da ke cikin baka suna cewa dubu tamanin. Wannan saɓani ne ke nuna cewa a koma ga hoton, a ƙara girmansa, a duba ko 8 ce gefenta na hagu ya goge. Idan 8 ce, a gyara. Idan kuwa takardar asali da kanta 30,000 ta rubuta, ba a gyara komai. A bar saɓanin yadda yake, a sa `Comment` a sanar da lauya, domin wane adadi ne ya ɗaure masu cinikin magana ce ta shari'a, ba ta mai buga takarda ba. Haka ake yi da sunan da aka rubuta Mohammed a shafi ɗaya, Muhammad a wani.

Lambobin ƙara suna da tsari da ke taimakawa. A `FHC/KN/CS/` na Babbar Kotun Tarayya ta Kano, abin da ya biyo baya lambar ƙara ce da shekara, don haka O a tsakiyar lambar sifili ne. Lambobin duwatsun iyaka a taswirar safiyo da lambobin rasit kuwa suna cakuɗa haruffa da lambobi, hankali ba ya warware su. Waɗannan mutum biyu ake sawa, ɗaya ya riƙe takardar asali yana karantawa a bayyane harafi-harafi, yana cewa "sifili" ko "harafin O", ɗaya yana bin allo. Ba sai an karanta takardar duka haka ba; adadin kuɗi, kwanan wata, awon fili, sunaye da lambobi sun isa.

Daga nan sai a duba alamar Naira, wadda kan fito N ko H, da `rn` da ke zama `m`, da ƙ, ɗ da ɓ idan takardar Hausa ce daga kotun shari'ar Musulunci, domin sau da yawa lanƙwasarsu tana ɓacewa. A mayar da salon rubutun yadda ofis ya saba, a adana shi tare da hoton sikanin a wuri ɗaya. Rubutun da aka gyara na aikin ofis ne, don nema da kwafa. Idan takardar hukuma ce za a gabatar a kotu, kwafin da jami'in da ke riƙe da ita ya tabbatar bisa sashe na 104 na Dokar Shaida ta 2011 ake nema.