"I didn't send nothing": ya aika ko bai aika ba?

Wani ƙanena da ke harkar albasar Galmi ya same ni a gida, nan Tawa, da waya a hannu. Abokin cinikinsa na Kumasi ya tambaye shi ko ya ɗora masa kaya a wannan mako, shi kuma ya amsa: *I didn't send nothing.* Mutumin ya sake rubutowa yana tambayar buhu nawa ne ke hanya. "Yaya, ni fa cewa na yi ban aika komi ba!"

Haka ya yi nufi, amma Ingilishin makaranta da na takarda bai karanta shi haka ba. A can kalmar kore ɗaya ake so cikin kowace gaɓar jimla. *Didn't* ta kore, *nothing* ta sake korewa, sai mai karatu ya tsaya: ba komi aka aika ba, ko kuwa "ba wai ban aika komi ba", wato akwai ɗan abin da ya taso? A baki, murya na raba gardama. A rubuce babu murya.

Laifin, a ganina, ba na Hausa ba ne. Faransancin lakwal ne ya bi mu. Mun saba da *je n'ai rien envoyé*, inda *ne* da *rien* ke tafiya tare, sai yaro ya haddace cewa *ne* ita ce *not*, *rien* ita ce *nothing*, ya jera su. Hausa kuwa ta fi kusa da daidai. A "ban aika komi ba", kalmar "komi" ba ta kore komi da kanta, tunda ita ce dai a "komi ya yi kyau". "Ba … ba" ke yin aikin. To Ingilishi ma yana da irin waɗannan kalmomi masu fakewa bayan korewa: *anything* a gurbin komi, *anybody* a gurbin kowa, *anywhere* a gurbin ko'ina, *ever* a gurbin "taɓa".

Saboda haka gyara hanya biyu ne. Ko ka bar *didn't* ka sauya ta biyun: *I didn't send anything.* Ko ka cire *didn't* ka bar *nothing* ta ɗauki nauyin: *I sent nothing.* Kula, in *did* ta tafi, aikatau ya koma *sent*. Nan ɗalibaina ke yawan zamewa. Ta farkon ta fi zama maganar yau da kullum, ta biyun ta fi kaifi, kamar mai kare kansa.

A farkon jimla ba ka da zaɓi. *Personne n'est venu* na haifar da *Nobody didn't come*, wanda ya ji darasin sama rabi-rabi kuma ya rubuta *Anybody didn't come.* Duka biyu ba su yi ba. *Nobody came*, shi ke nan, kamar "ba wanda ya zo".

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne korewar da ba ta da alama a fuska. *Unless* na nufin "in ba", da korewarta a ciki. Da na bi saƙonnin ƙanen nawa, sai na ga wani na baya: *Unless you don't pay, I won't load the truck.* Ya so ya ce in ba ka biya ba, ba zan yi lodi ba. Abin da ya rubuta kuwa: ba zan yi lodi ba sai in ka ƙi biya. Wannan ba maganar kyan lafazi ba ce, sharaɗin ciniki ne ya kife. Daidai shi ne *Unless you pay*, ko *If you don't pay*. Haka *hardly*, mai ma'anar "da ƙyar": *I can hardly hear you*, ba *can't hardly* ba. *Without* ma ba ta son *no* a bayanta: *without any receipt*.

Za ka ce ai kana jin *I don't know nothing* a waƙoƙin Amurka. Gaskiya ne, kuma masu faɗar haka ba su rikice ba: a karin harshensu korewa biyu ƙarfafa juna suke yi, kamar a Faransanci. Tsohon Ingilishi ma haka yake, tsohon marubucin Ingila Chaucer kan tara su a jimla guda. Masu nahawun ƙarni na 18, irin su Robert Lowth da littafinsa ya fara fitowa a 1762, su suka kafa dokar cewa biyu na soke juna. Mai gyaran takardar BEPC ko bak da wannan doka yake riƙe jan biro.

Ni dai kafin a tura saƙo nakan ce a ja layi ƙarƙashin kowace *not*, *n't*, *no*, *never*, *nothing*, *nobody*, *hardly* da *unless*, a ƙirga gaɓa-gaɓa. *If you don't pay, I won't load* na da biyu, amma kowace na gaɓarta, ba matsala. Ƙanena ya sake rubutawa: *I haven't sent anything this week.* Mutumin Kumasi bai ƙara tambayar buhu ba.