Ku tace sunaye da alkaluma kafin ku raba rahoton taro

Jama'a, ga shawara. Idan manhaja ta mayar muku da maganar taro rubutu, kada ku soma da karatu daga sama. Ku fara neman sunaye da alkaluma, ku saurari rikodin a daidai inda suka fito.

Manhajar tana zaɓar kalmar da ta fi sabawa da ita, sunayenmu na Zango kuwa baƙi ne gare ta. Kuma a Turanci 15 da 50 kusan sautinsu ɗaya.

A taron ƙungiyarmu a Aboabo, Kumasi, ma'aji ya ce gudummawar kowa a wata sidi 15 ce, rubutu ya nuna 50. Mu 40 ne, jimillar da ya faɗa kuwa 600, ba 2,000 ba. Lissafin ne ya tona kuskuren.

Sunaye kuma ku gwada su da takardar halarta. Idan kuskuren ya maimaitu, `Ctrl+H` a Word zai buɗe muku wurin neman kalma da musanya ta, amma ku bi ɗaya bayan ɗaya. Kalmomin aiki irin su SSNIT, hukumar fanshon ma'aikata ta Ghana, ku duba takardar hukumar.

Inda dabarar ba ta aiki: mutum biyu na magana tare, ko janareta na ƙara. Nan sai ku kira mai maganar.