Yadda na shawo kan manajoji suka yarda a canza kwamfaresa

Sau biyu ina rubuta imel a saya mana sabuwar kwamfaresa, wato na'urar matsa iska, ana watsi da shi, don farashi kawai suke kallo. Karo na uku sai na canza salo, na yi lissafin shekara 10. Tsohuwar kilowat 75 ce, awa 6,000 take aiki a shekara, kuma na auna na ga ko ba ta tura iska tana jan kusan kashi 30 cikin 100 na wutarta, a banza kenan. Na haɗa kuɗin wuta da gyara da awannin da layin sarrafa kaya ya tsaya, na ajiye gefen na sabuwa mai rage gudu daidai buƙata, nan suka ga ashe wuta ce ke cinye kuɗin ba sayen ba. Sati bai zagayo ba suka sa hannu.