Yadda malamin lesin zai yanke kuɗinsa a Abuja: na awa, na wata ko jinga

Yawancin matasan da na ga sun fara koyar da yara a gidaje a Abuja hanya ɗaya suke bi wajen sa farashi. Su tambayi abokinsu nawa yake karɓa, su rage kaɗan don a ɗauke su, su ce "dubu uku awa ɗaya". Bayan wata biyu sai ka ji suna cewa lesin wahala ce kawai, kuɗin mota ke cinye komai. Matsalar tana wajen lissafi: awar da suke sayarwa ita ce ta zama kan tebur da yaro, amma lokacin da darasin yake ci musu ya ninka wannan.

Mataki na farko, ka fitar da kuɗin awarka kai kanka kafin ka yi magana da kowane gida. Mu ɗauki malamin lissafi da ke zaune a Kubwa, yana da aikin makaranta da safe, yana son lesin ya riƙa kawo masa naira 150,000 a wata. Waɗannan alƙaluma misali ne, ka sa naka a gurbinsu. A shekara yana buƙatar 1,800,000. Sai dai lesin ba ya ɗaukar wata 12. Akwai dogon hutu daga ƙarshen Yuli zuwa Satumba, akwai hutun Disamba, ga tafiye-tafiyen Sallah, domin mutanen Abuja da yawa gida suke komawa, Kano ko Katsina ko Bauchi. A ce wata 10 ake biya. Kenan a kowane watan aiki sai ya samu 180,000. Lokacin da yake da shi kuwa yamma biyar ce a mako da kuma Asabar, kimanin awa 25, wato awa 100 a wata. Raba 180,000 gida 100, ya ba ka 1,800. Wannan shi ne kuɗin awa ɗaya ta lokacinsa, ko yana koyarwa ko yana cikin mota.

Mataki na biyu, ka auna abin da darasi ɗaya yake ci. An kira malamin nan wani gida a Gwarinpa, darasin awa ɗaya da rabi. Daga Kubwa zai hau tasi a babban titi, ya sauka ya shiga keke zuwa cikin unguwa, a ce minti 45 zuwa, minti 45 dawowa. Shirya darasi da duba aikin da ya ba yaro, rabin awa. Jimla awa uku da rabi, wato 6,300. Kuɗin mota zuwa da dawowa a ce 2,000, takardun tambayoyi da data 200. Darasin ya tsaya masa a 8,500, kusan 5,700 kenan a kowace awar zama kan tebur. Yanzu dubi wanda ya ce dubu uku. Zai karɓi 4,500, ya cire 2,200, ya rage 2,300 a aikin awa uku da rabi. Awarsa ba ta kai naira 700 ba. Kuma yammar ta tafi, ba zai iya zuwa wani gida ba, sai in gidan na biyu yana layi ɗaya da na farko.

Shi ya sa nake cewa kada ka faɗi farashi kafin ka ji unguwa. Mutumin Nyanya da aka kira Asokoro da mutumin Lugbe da aka kira Maitama ba lissafi ɗaya ba ne, kuma wanda ya san cunkoson hanyar Nyanya da yamma ya san dawowar ita ce mai tsada. In an matsa maka a waya, ka ce, "Hajiya, ki faɗa min unguwa da ajin yaron, zan turo miki lissafi yau da daddare." Ka kuma rubuta kuɗin mota a layinsa daban. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin abin hawa ya yi ta hawa, kuma malaman da suka haɗe shi cikin kuɗin darasi su suka riƙa biyan ƙarin daga aljihunsu. In yana rubuce daban, ranar da ya tashi kai da mai gida kun san abin da ya canza.

Mataki na uku, zaɓen yadda za a biya. Biyan awa-awa yana da wurinsa: darasin gwaji na farko, ko ɗalibin jami'a da ke son a warware masa babi guda kafin jarrabawa. In yaro ne da za ka riƙa zuwa wajensa kowane mako, kuɗin wata ne kawai, kuma a farkon wata. Sau uku a mako, darasi 12, a 8,500 ya kama 102,000. Ka ce 100,000, ragin dubu biyun ladan biya da wuri ne.

Za a ce ya yi yawa, kusan kullum ana cewa. Kada ka taɓa kuɗin awarka, ka rage yawan zuwa. Darasin awa biyu sau biyu a mako yana cin awa huɗu na lokacinka, 7,200, da 2,200 na mota da takarda, 9,400. Sau takwas a wata ya kama 75,200. Yaro ya samu awa 16 maimakon 18, iyaye sun samu sauƙin kusan dubu 25, kai kuma ka samu yamma guda a mako da za ka sayar wa wani gida. Wannan na ɗan sakandare ne. Ɗan firamare ba ya iya zaman awa biyu, kafin a yi nisa hankalinsa ya bar wurin.

To ga inda na fi ganin sababbi suna faɗuwa, ko da lissafinsu ya yi daidai: darasin da ba a yi ba. Ka taso daga Kubwa, ka biya mota, ka isa ƙofa, maigadi ya ce an tafi biki da yara. Ko a aiko maka saƙo ƙarfe uku da rabi cewa yaro ya gaji, a bari sai gobe. In awa-awa ake biyanka, ranar ta tafi a banza, har da kuɗin motar. In kuma ka sayar da "darasi 12" ba ka faɗi ranar ƙarewa ba, sai darasin wata ɗaya ya ja mako bakwai, kuɗin wata ya zama na kusan wata biyu. Iyayen galibi ba mugunta suke yi ba. A wajensu abin da ba a koyar ba ba a biya, kuma ba wanda ya taɓa nuna musu cewa ka ajiye musu wannan yammar ka hana wani gida.

Maganinsa a faɗa tun ranar farko, a rubuce, kafin kuɗi ya shiga tsakani. Bayan an saba, an fara kawo maka abinci da lemo, kunya ba za ta bar ka ka faɗa ba. Saƙon WhatsApp ɗaya ya isa, kamar haka: "Salamu alaikum Alhaji. Darasin lissafi, Litinin, Laraba da Juma'a, ƙarfe biyar zuwa shida da rabi. Kuɗin wata 100,000, har da na mota 24,000, ana biya a makon farko. Idan yaro ba zai samu zama ba, a sanar da ni kafin ƙarfe 12 na ranar, sai mu rama, har sau biyu a wata. Idan na riga na iso gida, an ƙirga darasin. Idan ni ne ban zo ba, zan rama ko a cire kuɗinsa." Wannan jimla ta ƙarshe kada ka bar ta, ita ce ke sa mai gida ya ga sharaɗin ya hau kan kowa. Ka jira ya amsa da "na amince" kafin ka fara zuwa.

Iyakar ramuwa sau biyu tana da dalili. Ranakun ramuwa daga Asabar ɗinka suke fitowa, kuma Asabar ita ce ranar da za ka iya yin gida biyu. In ba iyaka, sai ka wayi gari kana bin bashin darasi shida a gida ɗaya. Ka riƙe ƙaramin littafi, kowace rana ka rubuta kwanan wata da abin da aka yi, wani babba a gidan ya sa hannu. Gardamar "sau nawa ma ya zo a watan nan" a nan take mutuwa. Azumi kuma ka tayar da maganarsa mako biyu kafin ya kama, domin ƙarfe biyar na yamma ba lokacin karatu ba ne ga yaro mai azumi, kuma kai ma kana son shan ruwa a gida. A mayar da darasin safiyar Asabar da Lahadi, ko a amince da rabin wata.

Wata ɓarakar ita ce ƙari a hankali. An ɗauke ka lissafin yaro ɗaya, sai ƙanwarsa ta jawo kujera, sai "Malam, ɗan duba mata aikin gida na Turanci." Sau ɗaya alheri ne, ka yi. A na biyu ka faɗi kuɗinsa cikin ladabi. Ƙa'idata, yaro na biyu in ajinsu ɗaya rabin kuɗin koyarwa ne, ba kuɗin mota, tun da tafiyar ɗaya ce. In aji daban ne, darasi ne daban da lokacinsa.

Jinga kuwa ta shirin jarrabawa ce, JAMB ko WAEC ko NECO, inda aikin yake da ranar ƙarewa. Kada ka yanke kuɗi sai ka ba yaron tambayoyin shekarun baya ya yi a gabanka, domin wanda bai iya tushen lissafi ba ba zai gama manhaja a mako goma ba. Daga nan ka ƙirga darussan da ake buƙata, ka ninka da kuɗin darasi ɗaya, ka ƙara kashi 15 cikin 100 saboda duba takardu ya fi yawa, ga kiran dare idan jarrabawa ta matso. Darasi 30 a 8,500 ya kama 255,000, da ƙarin ya kai kusan 293,000. Rabi a farko, rabi a mako na biyar, kada ka bar saura sai bayan jarrabawa. Kuma kada ka yarda a ɗaura kuɗinka a kan makin da yaro zai ci, ba kai za ka shiga ɗakin jarrabawar ba.

Ƙarin kuɗi a farkon zangon karatu ake yinsa, da sanarwar wata guda, musamman a Satumba lokacin da iyaye ke tsara kuɗin makaranta. In ka ga yammacinka duk sun cika har kana mayar da gidaje, ka fara sabon farashin da gida na gaba da ya kira ka, tsofaffin kuma su bi a zango mai zuwa.