Me ya sa ChatGPT ke manta hirar jiya?

'Yan'uwana 'yan kasuwar Kumasi, idan jiya ka lissafa wa ChatGPT farashin atamfofinka, yau ka buɗe sabuwar hira ya kasa tunawa, ba matsalar waya ba ce. An gama horar da ƙwaƙwalwarsa tuntuni, hirarku ba ta ƙara mata komai. Duk amsar da zai bayar, daga rubutun da ke gabansa a wannan hirar yake haɗa ta. Sabuwar hira kuwa ba ta ɗauke da cikakken rubutun hirar jiya.

Shawarata, ka ajiye taƙaitaccen bayani a wayarka: sunan kaya, farashi da sidi, unguwannin da kake kai kaya kamar Aboabo. Ka liƙa shi tun farkon kowace sabuwar hira. Ko akwai Memory a kunne, wato tsarin da ke adana wasu bayanai daga hirarrakinka na baya, 'yan bayanai kawai manhajar ke cusa masa, don haka ka duba farashin da ya kawo kafin ka tura wa kwastoma.