Ƙananan gyare-gyaren gida: sana'ar da sabon zuwa zai iya kamawa

Idan ka ɗan kwana biyu a babban birni za ka lura cewa mutane da yawa suna da kuɗin biyan buƙata, lokaci ne ba su da shi. Su fita da sassafe, su dawo bayan magariba a gajiye. Kabad ɗin da aka kawo musu a kwali yana jingine a falo mako uku ba a haɗa ba, famfo na ɗiga, sandar labule ta faɗo. A nan ne masu zuwa aike, masu kai kaya da masu gyara suke samun abinci. A cikin ukun, ni ƙananan gyare-gyare da haɗa kayan ɗaki nake ba sabon zuwa shawara ya duba, domin jarinsa bai wuce jaka ɗaya ba, kuma wanda ka yi wa aiki mai kyau yakan sake kiranka da kansa, ba sai ta hannun wata manhaja ba.

Kafin komai, ɗan'uwa, idan a ƙasar waje kake, duba takardarka ta zama. Izinin yin aiki a ƙarƙashin wani daban ne da izinin yin sana'ar kanka, kuma akwai ƙasashen da bizar ɗalibi ta yarda da na farko ta hana na biyu. Ka karanta sharaɗin da ke kan taka takardar, ko ka tambayi ofishin da ya ba ka ita. Kada ka dogara da cewa wane yana yi ba a ce masa komai ba.

Idan hanya a buɗe take, ga abin da jakar ke bukata: injin huda bango mai batir, sukudireba mai baki ɗaya da mai tauraro, makullan nan masu kusurwa shida da ake ɗaure kayan kwali da su (na milimita 4, 5 da 6 sun fi yawan fitowa), tef na awo, lebur mai ruwa don gane ko abu ya miƙe, filaya, guduma, da ƙaramar na'urar da ke gano waya ko bututu a cikin bango. Ka ƙara da kwalin sukurori da robobin da ake cusawa a rami kafin a ɗaura sukuru, girma daban-daban. Wannan kwalin shi mutane ke rainawa, alhali shi ke ceton yini.

Abin da ke karya masu wannan sana'a a watannin farko shi ne lissafin lokaci. Bari mu ɗauki misali. An kira ka haɗa kabad mai ƙofa biyu, ka duba hoton ka ce aikin awa 2 ne, ka yanka kuɗin awa 2. Gidan yana ɗaya gefen gari, minti 45 zuwa, minti 45 dawowa. Da ka gama haɗawa sai ka ga dole a kafe shi a bango don kada ya rinjayo kan yaro, robobin da suka dace da bangon kuma ba su zo a kwalin ba, ka fita nema, minti 30. Naɗe kwalaye da share wurin minti 15. Saƙonnin da kuka yi ta yi kafin ranar, wasu minti 15. Ka kashe awa 4 da rabi, an biya ka awa 2. Ko rabin lokacinka ba a biya ba, kuma kuɗin mota bai fita ba tukuna.

Yanzu a ce kabad uku ne a bene ɗaya ko a layi ɗaya. Aikin awa 6, tafiya har yanzu awa 1 da rabi, babu fita nema tunda kwalinka na jaka, shara minti 45, saƙonni minti 15. Jimilla awa 8 da rabi, an biya ka 6, wato kusan kashi 70 cikin 100 na yininka. Hannu ɗaya ne, ƙwarewa ɗaya, tara aikin a wuri ɗaya ne ya canja lissafin. Shi ya sa nake cewa ka zaɓi unguwa guda, inda za ka iya kewayawa da ƙafa ko keke cikin minti 15, ka tsaya a nan. Wanda ya kira daga nesa, ko dai ka haɗa shi rana ɗaya da wani na kusa da shi, ko ka sa kuɗin tafiya a cikin farashi ka faɗa masa tun farko. Ka kuma sa mafi ƙarancin abin da kake fita a kansa, misali kuɗin awa 1, ko da aikin na minti 10 ne.

Mai kula da bene, wanda mazauna ke kai wa ƙorafi, ya fi kowace talla amfani. Ka gaishe shi, ka bar masa lambarka, ka gaya masa ayyukan da kake yi da waɗanda ba ka yi. Ƙarshen wata da farkonsa ka kasance a shirye, lokacin ne masu haya suka fi tashi da tarewa.

Bango shi ne inda ɓarna ke faruwa. Ka ƙwanƙwasa kafin ka huda. Idan ya yi ƙara kamar ganga, allon filasta ne mai rami a baya, kuma robar bangon bulo ba za ta riƙe a cikinsa ba, bayan kwanaki kantar za ta zubo da kayan mutane. Irin wannan bango yana da katakai ko ƙarafa a tsaye a bayansa, galibi tazarar santimita 40 ko 60, kuma abu mai nauyi kamar talabijin a jikinsu ake ɗaure shi. Wayoyin lantarki yawanci suna tafiya a miƙe daga soket ko makunni, sama, ƙasa ko gefe, don haka kada ka huda a kan wannan layi, kuma ka bi wurin da na'urar ganowa kafin injin ya taɓa shi. Idan mai gidan ɗan haya ne, ka tambaye shi ko an yarda masa ya huda bango.

Akwai ayyukan da za ka ce a'a ko nawa za a biya. Duk abin da ya shafi gas, da jan sabuwar wayar lantarki ko taɓa akwatin fis, a ƙasashe da dama aikin masu lasisi ne. Ka nemi mai lasisi guda da ka yarda da shi ka riƙa tura masa, shi ma zai turo maka ƙananan da ba ya so. Ka kuma yi inshorar da ke biyan ɓarnar da ka yi wa dukiyar wani, domin bututu ɗaya da aka huda a hawa na uku yana iya jiƙa gidajen da ke ƙasa. Idan daga baya ka haɗa da kai kaya a mota ko babur, ka sani inshorar hawa ta yau da kullum galibi ba ta haɗa da ɗaukar kaya don kuɗi ba, sai ka sanar da kamfanin.

Kafin ka fara kowane aiki ka ɗauki hoton wurin, musamman tabo ko karce da ka tarar, ka kuma buɗe kwalin ka ƙirga kayan a gaban mai shi. Farashi da abin da ya ƙunsa su kasance a rubuce cikin saƙo. Idan aka ba ka makulli saboda mai gidan yana wurin aiki, kada ka rubuta adireshi a jikinsa, kada ka shiga ɗakin da aikin bai kai ka ba, ka tura saƙo lokacin shiga da lokacin fita. Kowace yamma ka rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita, ka adana rasit, ka ware kason haraji a wani asusu daban tun daga kuɗin farko, domin mai sana'ar kansa babu wanda ke cire masa a albashi, shi ne zai bayyana abin da ya samu ya biya.