Yadda ake yi wa kayan da suka lalace ko suka kwanta kuɗi a lissafin ƙarshen shekara

Ƙa'idar lissafi ta IAS 2 ta ce kayan da ke sito a rubuta su da wanda ya fi ƙanƙanta cikin biyu: abin da suka tsaya maka, ko tsabar abin da zai rage a hannunka in ka sayar. Mu gwada ta a kan ɗan kasuwar da ke sarin atamfa a Kantin Kwari, wanda ya rufe littafinsa ranar 31 ga Disamba da turmi 200 a sito.

Fara da yadda kayan suka tsaya. Ya sari kowane turmi naira 12,000, kuɗin mota da dako zuwa sito suka kama 300, turmi ya tsaya 12,300, jimla 2,460,000. Hayar sito da ladan yaran shago ba sa shiga nan. In an yi masa ragi wurin sari, sai a cire.

Daga nan a shiga sito a ƙirga da hannu, a ware kayan. Littafi ba ya nuna turmin da ruwa ya taɓa, ido ke nunawa. Kwantai kuwa littafin ciniki ne ke tona shi: a duba yaushe rabon da a sayi irin wannan zanen, da nawa aka sallama na ƙarshe. A misalinmu 120 lafiyayyu ne, 30 yoyon rufi ya yi musu tabo, 50 kuma yayinsu ya wuce, wata takwas ba a tambaye su ba.

Ga kowane kashi, ɗauki farashin da za a saya da gaske, ka cire kuɗin gyaran da ya rage, ka cire abin da sayarwar za ta ci, kamar la'adar dillali. Farashin da ake nufi shi ne wanda aka sallama, ba wanda mai kaya ke yankawa kafin a taya ba.

Lafiyayyun ana sayar da su 15,000, la'ada 500, saura 14,500. Ya fi 12,300, don haka suna nan a 12,300. Ribar 2,200 ba a rubuta ta sai an sayar.

Masu tabo sai an wanke an kai mabuga, 700 kowane turmi, sannan a saye su 8,000, la'ada 400. Saura 6,900. Faɗuwar 5,400 sau 30, wato 162,000. Na kwantai an sallama na ƙarshe 11,500, cire la'ada 500, saura 11,000. Faɗuwar 1,300 sau 50, wato 65,000. Gaba ɗaya 227,000 za a rubuta cikin abin da aka kashe a wannan shekarar, a rage ta daga asusun kaya, su koma 2,233,000.

Inda aka fi zamewa shi ne haɗa kayan a dunƙule. Tara abin da za a samu a duka turmi 200: 1,740,000 da 207,000 da 550,000, ya ba da 2,497,000. Wannan ya ɗara 2,460,000, sai mai lissafi ya ce ai babu faɗuwa. Ribar lafiyayyun da ba a ma sayar ba ce ta rufe asarar sauran. Shi ya sa ƙa'ida ta ce a bi kaya ɗaya bayan ɗaya. An yarda a haɗa masu kama da juna, iri ɗaya masu amfani ɗaya da ake sayarwa a kasuwa ɗaya, amma ba a haɗa duk abin da ke sito a ce kashi ɗaya ne. Haka nan yanke kashi 10 cikin 100 a kan duk kayan da suka haura shekara, ba tare da duba farashin da aka sayar ba, sauƙi ne da odita zai nemi hujjarsa.

Cinikin Janairu yana da amfani. In an sayar da masu tabon 7,000 kafin a amince da rahoton lissafin shekarar, kuma tabon ya riga ƙarshen shekara, 7,000 ɗin ce shaida mafi ƙarfi, sai a sake lissafi da ita. Amma in ruwan ya shiga sito ne a Janairu, asarar ta sabuwar shekara ce. In kuma akwai yarjejeniyar da aka ƙulla da mai saye, farashinta ake bi, iya adadin da ta ƙunsa.

Wani lokaci kasuwa kan farfaɗo. A ce zanen ya dawo yayi, a lissafi na gaba saura turmi 20, tsabar kowane ta kai 13,000. Ana mayar da abin da aka rage ne kawai, 1,300 sau 20, wato 26,000, turmi ya koma 12,300. Rarar 700 ɗin sai ranar da aka sayar.